Bashi Ne Ko Tallafi? Layuka Shida a Ƙarƙashin Hoton Sanarwa

A ƙarshen watan Mayu na 2024, bayan sallar la'asar, wani dattijo maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci da wayarsa a hannu. "Malam, duba mini wannan. An ce gwamnati za ta riƙa ba 'yan makaranta kuɗi." Hoto ne aka turo masa, mai tutar ƙasa da wasu samari sanye da rigunan kammala jami'a. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa an buɗe shirin tallafa wa ɗalibai, kowa ya yi maza ya cike kafin a rufe. Babu sunan ofishin da ya fitar da shi, babu kwanan wata, babu inda za a je a tambaya, sai wani dogon adireshi mai shuɗin rubutu da aka ce a latsa.

Na ce, "Baba, shirin gaskiya ne, amma wannan takardar ba ta gwamnati ba ce. Kuma abin da za a ba yaron bashi ne, zai biya." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "To ai ba haka suka rubuta ba." Gaskiyarsa. Ɗansa kuma yana jami'ar jiha ne, wadda a ranar ma ba a buɗe wa ɗalibanta ba tukuna. Hoton nan ya gaya masa abu guda na gaskiya, wato akwai sabon shiri, ya kuma bar shi da kuskure uku: ya ɗauka kyauta ce, ya ɗauka har da ɗansa a yanzu, ya ɗauka shuɗin rubutun nan shi ne ƙofar shiga.

Wannan ɗan gajeren rubutu da ake sa wa a ƙarƙashin hoto ko a jikin allon sanarwa, shi nake so mu duba. Mafi yawan mutane ba za su taɓa karanta dokar da ta kafa wani shiri ba, ba za su saurari jawabin minista har ƙarshe ba. Layuka biyar ko shida ne za su isa gare su, kuma da su za su yanke shawarar ko su hau mota su tafi birni, ko su miƙa wa wani lambar bankinsu, ko su haƙura. Na ɗauki bashin karatu na gwamnatin tarayya a matsayin misali domin kusan duk ramin da sanarwa kan faɗa akwai shi a kan hanyarsa.

Ga tarihin a taƙaice. Ranar 12 ga Yuni, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar farko ta bashin ɗalibai. Waccan doka tana da sharuɗɗa masu tsauri: kuɗin shigar iyalin ɗalibi ya kasance ƙasa da naira 500,000 a shekara, kuma ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya daɗe a aiki. An sa ran farawa a Satumba na shekarar, aka ɗaga zuwa Janairu 2024, nan ma bai yiwu ba. Ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka sa hannu a sabuwar doka da ta soke ta farko, ta cire sharaɗin kuɗin shiga da na masu tsayawa. Sai ranar Juma'a, 24 ga Mayu, 2024, hukumar da aka ɗora wa aikin, NELFUND, ta buɗe karɓar masu nema, kuma ta fara da makarantun gwamnatin tarayya.

Ka lura, kusan shekara guda tsakanin sa hannun farko da ranar da ɗalibi ya iya cike fom. A cikin shekarar nan, jimlar "gwamnati ta fara ba ɗalibai bashi" ta yi ta yawo a bakin mutane da wayoyinsu, alhali ba a fara ba. A nan aikin mai rubuta sanarwa yake somawa, da zaɓen kalmar aikatau. An amince daban, an sa hannu daban, an ƙaddamar daban, an buɗe daban, an fara biya daban. Ma'aikacin ofis ya san tazarar da ke tsakaninsu, wani lokaci watanni ne. Amma a kunnen mai sauraro duk ɗaya suke: abu ya zo, a je a karɓa. Kalmar da ta fi yin ɓarna ita ce "ƙaddamarwa", domin biki take nufi, a yanke ƙyalle a yi jawabi, ba ta gaya wa kowa ko gobe da safe akwai wanda zai zauna a tebur ya karɓi takardarsa. Sanarwa mai kyau tana faɗin abin da mutum zai iya yi yau. Idan yau babu abin da zai iya yi, ta faɗi haka ƙarara: ba a fara karɓa ba tukuna, za a sanar da rana.

Sai sunan abin kansa, kuma nan ne na fi so in daɗe.

Hausa ba ta da talauci a wannan fage. Aro shi ne ka karɓi abu ka mayar da shi kansa, kamar tabarma ko keke. Rance shi ne ka karɓi kuɗi ko hatsi ka mayar da kwatankwacinsa, galibi ba da daɗewa ba. Bashi ya haɗa duk abin da ke wuyanka sai ka biya. Lamuni kuwa, wanda gidajen rediyo ke yawan amfani da shi, yana da laushi a kunne, yana ɗauke da ma'anar yarda da tsayawa, kuma ba kowane mai sauraro ba ne yake jin nauyin biya a cikinsa. Can a ɗaya gefen akwai kyauta, agaji da tallafi, waɗanda babu mai biyo ka a kansu. Bahaushe ya rarrabe waɗannan tun kafin a kafa banki a ƙasarsa, saboda ya san rigimar da ke tashi idan mai bayarwa yana nufin ɗaya, mai karɓa ya fahimci ɗaya.

Jarabar da ke kama ofisoshi ita ce kalmar tallafi. Tana da daɗi, tana sa shugaba ya fito da kyau, kuma ba za a ce ƙarya ce tsagwaronta ba, tunda bashin da babu ruwa a kansa ai taimako ne. Amma mutanenmu sun saba da tallafi a ma'ana guda: buhun shinkafa, takin zamani, kuɗin da aka tura ta waya ba a sake maganarsa ba. Idan ka rubuta "tallafin karatu" a kan abin da za a cire daga albashin yaro nan da wasu shekaru, ka shuka gardamar da wani ma'aikaci ne daban zai girbe ta. Duk wanda ya bi labarin basussukan noma da gwamnatoci suka sha rabawa a ƙasar nan ya san yadda ake ƙarewa: lokacin biya ya zo, manomi ya ce shi rabonsa na arzikin ƙasa ya ɗauka. Wasu da gangan suke faɗa, amma wasu da gaske haka suka ji ranar da aka yi musu shela. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka babu abin kunya a kiran sa da sunansa. A ganina sanarwar da ta kauce wa kalmar bashi a kan bashi ta yi ha'inci, ko da duk sauran layukanta daidai ne.

Kuma da zarar ka ce bashi a ƙasar Hausa, tambaya ta gaba ta riga ta taso kafin ka rufe baki: da ruwa ko babu? Iyaye da yawa ba za su bar ɗansu ya kusanci abin da ke da riba ba, kome tsananin buƙata. Bashin NELFUND babu kuɗin ruwa a kansa. Abin da aka ba ka shi za ka mayar. Wannan magana ba ƙarin bayani ba ce da za a tura shafi na uku. Ga mai karatu a Kano ko Sakkwato ko Gusau, ita ce take yanke hukuncin ko zai ci gaba da karantawa. Wanda ya rubuta sanarwa da Turanci a Abuja zai iya sa ta a layi na biyar, amma wanda ya rubuta ta Hausa ya kamata ya manna ta a jikin kalmar bashi, cikin jimla guda. Shi ya sa nake cewa sanarwar Hausa rubuta ta ake yi daga tushe, da mai karatunta a gaban ido, ba a ɗauko ta Turanci a yi ta juya ta kalma bayan kalma ba.

Bari mu gwada. Ga irin rubutun da ofisoshinmu suka saba fitarwa. Ni na tsara shi don misali, ba na wata hukuma ba ne, amma duk mai sauraron rediyo zai gane muryar:

"A ci gaba da ƙoƙarin da gwamnati mai ci take yi na inganta harkar ilimi da share wa talakawa hawaye, ana farin cikin sanar da ɗaukacin al'umma cewa an ƙaddamar da gagarumin shirin tallafa wa ɗalibai. Ana kira ga duk masu sha'awa da su gaggauta cin gajiyar wannan dama. Don ƙarin bayani a tuntuɓi hukumomin da abin ya shafa."

Kalmomi sun haura hamsin, kuma idan ka tambayi wanda ya karanta me zai yi gobe, ba shi da amsa. Wane ne ke magana? "Ana" ne, wanda ba shi da ofis ba shi da ƙofa. Waɗanne ɗalibai? Ɗaukacinsu, har da 'yan sakandare da 'yan jami'o'in kuɗi, tunda ba a cire kowa ba. Yaushe? A gaggauta kawai. Su wane ne hukumomin da abin ya shafa? Mai rubutun ya sani, mai karatun kuwa sai ya tambayi yaron da ke shagon cike fom a bakin tasha. Mafi muni, ɗan damfara zai iya kwafe wannan rubutu yadda yake, ya sa nasa adireshin a ƙasa, babu wanda zai ga bambanci, domin ba a sa komai a ciki da za a iya tantancewa ba.

Ga kuma yadda zan rubuta ta, da a ce ni aka ba alƙalami a ranar:

"Hukumar Bashin Karatu ta Najeriya, NELFUND, ta fara karɓar masu neman bashin karatu daga yau Juma'a, 24 ga Mayu, 2024. A wannan zagaye ɗaliban manyan makarantun gwamnatin tarayya ne kawai za su nema. Za a sanar da ranar makarantun jihohi. Bashi ne da za a biya, amma babu kuɗin ruwa, kuma biya yana farawa shekara 2 bayan gama bautar ƙasa. A tanadi lambar JAMB, lambar NIN da lambar BVN. Ba a biyan ko kwabo wajen nema, kuma babu wani wakili. Fom da cikakken bayani suna nan: nelf.gov.ng"

Layi shida ne, tsawonsu bai fi na farko da yawa ba. Layin farko ya ɗauki mai magana, abin da ya faru da ranar da ya faru. Na sa shekara da gangan. Sanarwa ba ta mutuwa a ranar da aka fitar da ita. Tana kwana a wayoyi, bayan wata takwas wani ya tono ta ya sake turawa, sai "daga yau" ta koma yau ɗin mai karatu. Haka sharuɗɗan dokar 2023 suka ci gaba da tsorata mutane bayan an soke su. Na ji iyaye suna cewa ina talaka zai samo babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya wa ɗansa, alhali tun watan Afrilu an cire wannan. Tsohon bayani ne da ba shi da kwanan wata a goshinsa. Don haka kalmomi irin su gobe, jibi, mako mai zuwa, nan ba da jimawa ba, ba su da wurin zama a rubutacciyar sanarwa sai da rana da wata da shekara a gefensu.

Layi na biyu shi ne wanda shugabanni suka fi son a goge, saboda yana rage girman abin. Kalmar "kawai" ba ta da farin jini a ofis. Amma ita ce ke hana ɗan jami'ar jiha, irin ɗan maƙwabcina, ya kwana yana sa lambarsa ana ce masa ba a san shi ba, har ya yanke cewa shirin na 'yan gata ne. Kuma ka ga ban sa ranar makarantun jihohi ba. Ranar da ba ta tabbata ba, gara a bar ta. Hakika da aka sa musu rana a ƙarshen Yuni na shekarar, sai da aka ɗaga, domin makarantu da yawa ba su miƙa wa hukumar bayanan ɗalibansu ba. Wannan ma abu ne da ya kamata mai nema ya sani: idan makarantarka ba ta tura sunanka ba, na'ura ba za ta gane ka ba, kome daidaiton abin da ka shigar. Maganin wannan yana ofishin makarantar, ba ya shagon intanet.

Layin takardu na huɗu yana ceton kuɗin mota. Wanda ba shi da BVN ya san banki zai fara zuwa, wanda sunansa a NIN ya saɓa da na JAMB ya san akwai gyara a gabansa. Na bar waɗannan sunaye yadda suke a rubuce, ban fassara su ba, domin haka zai gan su a fuskar waya idan ya zo cikewa. Fassara su zuwa doguwar Hausa zai sa ya kasa haɗa abin da ya karanta da abin da ke gabansa. Sauƙin harshe ba yana nufin a guje wa kowane baƙon suna ba. Yana nufin a yi amfani da sunan da mutum zai tarar a bakin ƙofa.

Akwai abubuwa masu nauyi da na bari a waje, kuma da saninsu na bar su. Ban ce kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar ba, ba ya biyowa ta hannun ɗalibi. Ban ambaci kuɗin kashewa na naira 20,000 a wata da aka fara da shi ba, wanda shi ne ke shiga asusun ɗalibin idan ya nema, kuma shi ma bashi ne. Ban ce kashi 10 cikin 100 na albashi ake cirewa idan lokacin biya ya yi ba. Mu ɗan yi lissafi don a ga abin da wannan ke nufi. A ce kuɗin makarantar yarinya naira 150,000 ne a shekara, ta kuma karɓi kuɗin kashewa na wata 12, wato naira 240,000. Bashin shekara guda ya zama naira 390,000. Idan ta samu aiki mai albashin naira 100,000, za a riƙa cire naira 10,000 duk wata, kuma za ta ɗauki wata 39, shekara uku da wata uku, kafin ta sauke na wannan shekara ɗaya. Uba yana da haƙƙin ya ga wannan lissafi kafin ya ce wa 'yarsa ta cike. Amma ba zai shiga ƙarƙashin hoto ba. Idan aka cusa shi, rubutun zai yi tsawon da ba mai karantawa, kuma lambobi irin naira 20,000 suna iya canzawa alhali hoton yana nan yana yawo.

To ta yaya ake zaɓar abin da zai shiga da abin da zai jira? Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: duk abin da rashin saninsa zai sa mutum ya ɗauki mataki na kuskure tun kafin ya isa wurin cikakken bayani, dole ya shiga. Sauran kuwa ana iya barin su, da sharaɗin an nuna inda suke. Wannan ne ya sa layin ƙarshe ba ado ba ne. Shi ke ɗauke da duk nauyin da sauran layukan suka ajiye.

Kakanninmu sun san wannan. Sankira idan ya fito kasuwa ba ya fara da saƙo, yana fara da mai saƙo: Sarki ya gaishe ku. Kowa ya san daga ina maganar ta fito, kuma mai shakka ya san hanyar fada ko gidan mai unguwa. Abin da ya canza shi ne yau kowa na iya ɗaura rawanin sankira. Tambarin gwamnati da tuta da hoton shugaba, yaro mai waya zai haɗa su cikin minti goma. Abin da ke da wuyar kwaikwayo shi ne adireshi. A Najeriya, adireshin da ya ƙare da .gov.ng an keɓe shi ga hukumomin gwamnati, ba a sayar wa kowa da kowa. Sai dai a san yadda ake karanta shi, domin 'yan damfara sun koyi saka waɗannan haruffa a tsakiya. Duba waɗannan biyu. Na biyun ni na ƙirƙira shi don nuni:

```
nelf.gov.ng
nelf.gov.ng.cike-fom.com
```

Na farko ya ƙare da .gov.ng. Na biyu ya fara da sunan hukuma, amma ƙarshensa .com ne, kuma mai shi wani ne can daban. Ƙarshen sunan ake dubawa, wato abin da ya zo daf da alamar / ta farko idan akwai ta, ba farkonsa ba. Saboda haka ne nake ganin kuskure ne babba ofishin gwamnati ya yi amfani da gajartaccen adireshi irin wanda ke ɓoye inda zai kai ka, ko ya ba da akwatin wasiƙar ma'aikaci na ƙashin kansa, ko lambar wayar wani mutum. Ko da niyyar mai kyau ce, yana koya wa jama'a su amince da irin abin da ɗan damfara ke turowa. Kuma a rubuta adireshin ɓaro-ɓaro yadda mutum zai iya buga shi da hannunsa, kada a ce masa latsa nan.

Wani abu da ake yawan mantawa: hoto da rubutun ƙarƙashinsa suna rabuwa a hanya. Mutum ya ɗauki hoton ya tura wa 'yan uwansa, rubutun ya tsaya a inda aka fara sa shi. Don haka sunan hukuma, kwanan wata da adireshi su kasance a cikin hoton kansa, da manyan haruffa, ko da za a rage girman fuskar mai girma. Hoton da ya isa hannun maƙwabcina ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun.

Sa'an nan madogara sai ta amsa sunanta. Idan an tura mutum wani shafi, ya tarar da bayanin a shafin a ranar, ba hotunan taron bara ba. Idan an ba da lambar waya, a faɗi ranaku da awannin da ake ɗauka, kuma a ɗauka. Lambar da ke ta ringi ba amsa ta fi rashin lamba ɓarna, don mutum zai ce ya gwada ta hukuma bai samu ba, sai ya koma wa wanda ya ce zai yi masa hanya. Kuma a tuna da wanda ba shi da babbar waya, ko wanda a rediyo ya ji sanarwar yana gona. Shi adireshi ba zai amfane shi ba, ƙofa yake buƙata. A sanarwar rediyo ta bashin karatu, zan ƙara cewa ɗalibi ya je ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantarsa. Wuri ne da ya sani, akwai mutum a zaune, kuma gobe ma zai same shi a nan.

Na taɓa zama na ɗan lokaci a sashen yaɗa labarai na wani ofishi, na ga yadda sanarwa ke lalacewa. Ba jahilci ke kawo shi ba. Ƙaramin ma'aikaci yakan rubuta ta a miƙe. Ta je teburin farko a ce ba a ambaci mai gida ba. Tebur na biyu ya ce "kawai" za ta jawo surutu. Na uku ya ce kada a sa rana, don kada a kama mu da ita. Kafin ta fito an cire duk abin da za a iya riƙe ofishin da shi, kuma waɗannan su ne ainihin abin da jama'a ke buƙata. Wata rana mun fitar da irin wannan, washegari mutane suka cika harabar tun da asuba, wasu daga ƙauyuka masu nisa, saboda aikin da sai bayan mako uku za a fara. Har yau ina tuna wata tsohuwa da ta tambaye ni, "Ɗan nan, to me ya sa ba ku faɗa ba?" Ban sami abin ce mata ba, domin a rubutun farko an faɗa, a hanya aka goge.

Tun daga ranar na riƙe wani gwaji mai arha. Kafin a fitar da sanarwa, a karanta wa wanda bai san komai a kan shirin ba, mai gadi ko mai shara ko mai kawo abinci, sau ɗaya tak, da murya. Sai a tambaye shi: mene ne wannan abin, kai kana ciki, kuma ina za ka je ka ji sauran? Idan ya ce kyauta ake rabawa alhali bashi ne, kalmar ce ba daidai ba. Idan ya ce kowa da kowa, an ɓoye iyaka. Idan ya ce sai ya tambaya, madogarar ba ta fito ba. Ba shi za a gyara ba, rubutun za a mayar. Alamar sanarwar da ta gaza bayan ta fita ma a bayyane take: tambaya guda ce mutum ɗari za su yi ta maimaitawa a bakin taga, ko kuma ofishin ya fito da sanarwa ta biyu mai cewa ana jan hankalin jama'a da su yi watsi da jita-jita.

Ɗan maƙwabcin nawa bai latsa shuɗin rubutun ba. Ya jira aka buɗe wa makarantarsu, ya je ofishin ɗalibai ya tabbatar an tura sunansa, sa'an nan ya zauna da mahaifinsa suka yi lissafi, suka nemi kuɗin makaranta kaɗai suka bar na kashewa.

Ga mai karatu kuma, idan aka turo maka sanarwar wani sabon shiri, kafin ka tura wa wani ka nemi sunan ofishin, ka nemi kwanan wata, ka duba ƙarshen adireshin. Idan ɗaya ya ɓace, ka tsayar da ita a wayarka har sai ka tambaya a ofishin da kansa. Ku kuma jami'an yaɗa labarai na ma'aikatu da ƙananan hukumomi, don Allah idan bashi ne ku rubuta bashi, ku sa rana, ku gaya mana ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.